Farin abu zagaye a falafon ɗakina, mi zan rubuta ma mai gida?

Tambaya: Salamu alaikum. Na kama hayar gida a Bobiyel nan Yamai wata biyu kenan, a falafon ɗakin kwana akwai wani farin abu zagaye, ga hotonshi nan na sa. Kwana uku shina yin "tsit" cikin dare. Ƙawata ta ce kamara ce, mijina kuma da ke tahiya ya ce na hayaƙi ne. Ina son in sanar da Alhaji mai gidan amma ban son in ɗora mishi abin da bai yi ba. Mi zan ce mishi?

Wa alaikissalam ƴar uwa. Ni aikina kuran ne, sa ƙararrawar gobara da kamarori a gidaje da birori, kuma irin wanga hoto ana turo min shi a WhatsApp ya hi a ƙirga. Na buɗe naki na ƙara mishi girma har ya dushe. Abin da na gani: fari ne, zagaye, akwai tsage-tsage a gehe kamar haƙoran matsehi, da wani ɗan ɗigo baƙi kusa da baki. Tsage-tsagen nan da kukan daren da kinka ce, su biyun sun karkata ga maganar mijinki, detektar hayaƙi ce mai pil da pil ɗinta ta kusa mutuwa. Amma kar ki rubuta ma Alhaji haka tukuna, don hoton daga ƙasa kinka ɗauke shi, kin ja zum, kuma amful na bayanshi, duk abin da zai raba gardama bai hito ba. Wancan ɗigo baƙi na iya zama ƴar fitilarta a kashe, na iya zama ramin da ƙara ke hitowa, na iya zama kashin ƙuda, kuma i, sau ɗaya cikin da yawa na iya zama idon kamara. Hoto ɗaya daga ƙasa ba ya rarrabe su, ko ni da nake taɓa su kullum.

Kahin ki taɓa waya ki kira kowa, ki samu tsani ko tebur mai ƙarhi da wanda zai riƙe miki, ki kashe bantilater ɗin sama (na ga wanda fanka ta sare ma hannu wajen irin wanga leƙe, ba wasa ba ne), da rana, ki sake hoto uku. Ɗaya daga ƙasa sak amma kusa, kamar kamu biyu tsakaninki da shi, ba zum. Ɗaya daga gehe yadda za a ga kaurinshi da inda ya manne ga falafon, ko akwai waya da ta hito. Na ukun ki riƙe kwalin ashana kusa da shi don a san girma, tunda a hoto faifai da marhin kwalba duk ɗaya suke. Detektar hayaƙi ta gida faɗinta santimita 10 zuwa 12 ne galibi, kauri 3 zuwa 5, wato kamar ƙaramar tasa a kihe. In kinka ga abu ya kai faɗin faranti, 16 ko 20, santsi ba tsaga, da zobe mai haske shuɗi ko fari a tsakiya, to wancan na wifi ne, gidajen da ƴan furoje sunka taɓa zama a Filato da Kwara Kano cike suke da su, an tashi an bar su manne.

Da kin hau, abu na farko da za ki nema buton ne. Detektar gida mai zaman kanta tana da buton da anka rubuta TEST a kai ko kusa, wani sa'i duk tsakiyar marhin ne buton ɗin. Ki gaya ma yara da maƙwabta tukuna, ki toshe kunne ɗaya, ki danna ki riƙe daƙiƙa biyar. In ita ce za ta yi ƙara mai tsinka kunne, ƙa'idarsu desibel 85 a nisan mita 3, an yi ta ne don ta tada mai barci. Kamara ko wifi ko fitila galibi ba su yi miki wagga ƙara. In ta yi amma a shaƙe kamar zakaran da mura ta kama, pil ce ta yi sanyi. Sai dai ki lura, TEST na gwada pil da ƙahon ne da ɗan abin da ke ciki na lantarki, bai nuna cewa hayaƙi na samun hanyar shiga, zan komo kan wannan. Kuma don Allah kar a kunna ashana ko takarda a ƙarƙashinta wai gwaji, roba ce, falafon kuma in na katako ne kin san sauran.

Abu na biyu ƴar fitilar. Ki tsaya ki zuba mata ido minti ɗaya cur, da dare ya hi sauƙi. Mahi yawansu jan ɗigo ne ke ƙyaftawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 30 zuwa 60, ƙyaf ya ɓace. In ɗigon nan naki baƙi ya ƙyafta ja, to an gama da shi, fitila ce. Shi ne abin da ke tsorata mutane su ce ana ɗaukarsu, alhali kamarar da anka ɓoye da gangan ba ta tallan kanta da jan haske, mai ɓoye abu bai sa mishi fitila.

Kukan "tsit" kuwa ki auna tsakaninshi da agogon salula. In guda ne gajere, shina maimaituwa daidai wa daida duk daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, alamar pil ce ko alamar na'urar ta tsufa. Dalilin da ya sa cikin dare yake farawa ba aljani ba ne, pil in ta yi rauni ƙarhinta na ƙara sauka idan ɗaki ya yi sanyi, wajen asuba ko in kilim ta daɗe a kunne, sai ta faɗa ƙasa da iyaka na'urar ta fara kuka, rana ta yi zahi ta ɗan farfaɗo ta yi shiru. Shi ya sa in mai gida ya zo da azahar sai ya tarar ba komi ya ce tunaninki ne. Ki ɗauki bidiyo ko bokal na minti biyu da dare a ji kukan sau biyu ko uku, wannan ya hi dogon bayani.

Yanzu bayanta, nan ne sunanta yake. In ba ki ga waya ba kuma buton TEST ya yi ƙara, ki kama jikinta ki murɗa hagu kaɗan kamar buɗe marhin kwalbar mayonez, za ta saki faifan da ke ɗaure da kusoshi biyu. A baya akwai takarda. Wadda anka yi ma kasuwar Turai za ki ga CE da EN 14604, ta Faransa wani sa'i har da NF. Yawancin waɗanda nike gani a Yamai irin su ne, saboda Faransa ta wajabta su a kowane gida tun 8 ga Maris 2015, kasuwarsu ta cika, masu zuwa da masu sarin kaya sunka yi ta kwasowa. Ki nemi kwanan wata, ko na ƙira ko inda anka rubuta Remplacer avant, ko Replace by. Rayuwarta shekara 10 ce daga ƙira, ba daga ranar da anka ɗaura ba. In ta wuce, sabuwar pil ba ta gyara ta, canji za a yi. Pil ɗin ko dai mai kusurwa huɗu ta 9V mai kai biyu, ko irin na rediyo guda biyu, ko kuma litiyom da anka ruhe ciki ba a ciro ta, ita wannan in ta fara kuka duka na'urar ake yarwa. Ki ɗauki hoton takardar a sarari, ki maida ta yadda take. In kinka murɗa kinka ji waya na riƙe da ita daga cikin falafon, ki tsaya nan, kar ki ja. Akwai masu cin kuran 220 kai tsaye da pil a matsayin ta ko-ta-kwana, akwai kuma na babban tsari irin na otal da asibiti, su ba su da buton ba su da ƙaho, waya ce ke kai labari ga wani akwati a bango, a jikinsu EN 54 ake rubutawa. In gidan ya taɓa zama biro kina iya samun irinsu a kowane ɗaki, matattu, akwatin ma an cire tuntuni. Ba su cutarwa amma ba su tsaron kowa.

To maganar ƙawarki, ban raina ta ba, don akwai kamarori da ake ƙerawa cikin kwanson detektar hayaƙi, ana saida su, kuma ɗakin kwana ba wurin da mutum zai ce a bari a gani ba ne. Amma kamara tana da buƙatu da ba ta iya ɓoyewa. Tana son ido, tana son abinci mai yawa, tana son wurin aje hoto. Idon ɗan rami ne kamar kan allura ko ƙwayar gero da gilashi ciki, kuma galibi a gehe yake ko a karkace shina kallon gado ko ƙofa, don wanda ke kallon ƙasa sak tsakar kai kawai zai samu. Ki kashe wuta da dare, ki riƙe tocila dab da idonki ki haska ramin kina motsawa a hankali, gilashin kamara na maido da ɗan ƙyalli mai shuɗi-shuɗi ko ja-ja, ramin banza bai maido da komi. Abinci kuwa, detektar hayaƙi na shekara da pil guda, kamara ba ta iya haka, dole waya ta shigo mata ko a riƙa sauke ta ana caji, kuma in tana aiki jikinta da ɗumi, detektar gaske sanyi take kamar bango. In an sauke, sai ki ga ramin kart memuwar, ko ramin caja irin na salula, ko rubutu DC 12V ko DC 5V, da ƙaramin rami RESET. Akwai dabarar duba hasken dare da kamarar gaba ta salula cikin duhu, in akwai fitilun infraruj masu hasken da ido bai gani sai ki ga ɗige-ɗige masu ruwan hoda, amma rashin ganinsu bai wanke abu, don ba kowace ke da su ba kuma wasu salula na tace hasken. Waɗancan aplikasiyon da ke cewa suna gano kamara kuwa, ni ban dogara da su, na ga ɗaya ta yi ihu a kan ƙusar ƙofa.

Bari in ba ki labarin da ya sa nike cewa a rubuta abin da anka gani kawai. Wani malamin makaranta a Yantala ya ga farin abu a falafon koridonshi mai ƙwallo a tsakiya, ya ɗauka ya tura ma ƴan uwa, kowa ya ce kamara, ya yi ma mai gidan bokal mai zahi na minti huɗu har da maganar komisariya, bokal ɗin kuma ya zaga dangi. Da anka kira ni na hau, ƙwallon fari ne kamar madara, an yanka shi gida-gida kamar saƙar zuma, ba baƙin gilashi ba. Na'urar jin motsi ce mai kunna fitila in mutum ya wuce, wayoyinta uku na tahiya ga amful ɗin koridon da ya ƙone tun kahin ya shiga gidan, shi ya sa bai taɓa ganin aikinta ba. Na sa sabon amful, na ce ya wuce, wuta ta kama, har ana jin ɗan "ƙas" na cikinta. Mai gidan dattijo ne bai ce komi ba, amma da wa'adi ya cika bai sabunta mishi haya ba. Da cewa ya yi "na ga abu kaza, mi ne ne shi", da amful guda ya kashe maganar.

Saboda haka saƙonki ya zama a rubuce, ko da za ki bi shi da bokal don girmamawa, tunda dattawanmu da yawa sun hi son ji da kunne. Rubutu na da kwanan wata, ana komawa gare shi. In ta hannun dillali kuke biyan haya ki tura ma su biyun. In binciken ya hito yadda nike zato, ga yadda zan rubuta in ni ne ke, ki canza abin da bai dace da abin da kinka tarar ba:

"Salamu alaikum Alhaji, ina wuni, ya iyali. Ni ce matar mai haya a gidanka na Bobiyel. A falafon babban ɗakin kwana, tsakiya, kusa da bantilater, akwai na'ura fara zagaye, faɗinta kamar santimita 11, mun tarar da ita tun shigarmu. Tun daren Litinin tana yin ƙara gajere duk daƙiƙa 40, daga wajen ƙarhe ukun dare zuwa sahiya. Na danna buton TEST ta yi ƙara amma a raunane. A bayanta an rubuta EN 14604, kwanan ƙira 2014, pil 9V. Ban ga waya ba, na maida ta wurinta. Ga hoto huɗu da bidiyon ƙarar. Ina roƙon a sanar da ni ko kai ka sa aka ɗaura ta ko masu hayar baya, ko akwai irinta a sauran ɗakuna da ke haɗe da wani abu, kuma a turo mai gyaran kuran ya duba cikin satin nan ina gida. In ka yarda in sayi sabuwa a cire cikin kuɗɗin haya, sai ka amsa min a nan in aje rasit. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Kin ga ba kalmar kamara ciki, kuma ba a ce "detektar ce" ba, abin da ke rubuce a jikinta ne ya yi magana. Tambayar wa ya ɗaura ta ita ce mai nauyi, don sau tari mai gidan shi ma bai sani ba, gidan ya wuce hannun masu haya uku, kuma amsarshi a rubuce na kare ki ranar tashi, kar a ce kin cire kayan gida a taɓa miki kosiyon. Shi ya sa ma nike cewa kar ki yar da tsohuwar ko an canza, ki sa ta a leda ki miƙa mishi. A misalin nan na sa 2014 da gangan, mai wannan shekara ta wuce goma, pil ba ta isa. In taki ta 2021 ce misali, sai ki ce a ba ki izini ki canza pil kawai, abu ne na minti biyu. Batun wa zai biya, ku duba takardar hayar in akwai, in babu to abin da kunka daidaita a rubuce shi ne.

In kuwa bincike ya hita ta ɗayar hanyar, wato ba TEST ko an danna shiru, ba takarda a baya, ga ɗumi, ga ƙyallin gilashi a rami, to tsarin ya sake. Kar ki sauke, kar ki fasa, kar ki zare kart ɗin ki duba, don hujja ce kuma duk taɓin da kinka yi na rage mata ƙarhi. Ki ɗauki bidiyo daga ƙofar ɗaki har zuwa abin ba yankewa, ki liƙa mishi sikoc baƙi a ramin, ku koma wani ɗaki da kwana. A nan ba mai gida ne farkon wanda za ki gaya ma ba, ba don shi ne ya sa ba, mai hayar baya ko wani ma'aikaci ma na iya yi, amma in labari ya riga shaida hita abin na iya ɓacewa ranar da kinka tahi kasuwa. Mijinki ko wani babba naku tukuna, sannan mai sana'a da ku kunka zaɓa ya duba gaban shaidu, in ya tabbata a kai komisariya ko a kira wisiye ya rubuta abin da ya gani, sa'annan Alhaji ya ji. Ko a lokacin ma saƙon "an samu na'ura mai kaza da kaza a ɗakin kwana, muna son ka zo" ne, ba "ka sa muna".

Na ce zan komo kan hayaƙi. In ta tabbata detektar ce, don Allah kar ki yi abin da kowa ke yi, a zare pil a huta. Irin ta gida mahi yawa mai haske ce, a ciki akwai ɗan ɗaki baƙi da fitilar da ido bai gani da wani ido a karkace da bai kallonta, in hayaƙi ya shiga sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, ta yi ƙara. Matsalarmu a nan ƙura ma haka take yi. Hunturu guda a Yamai ko Tawa ya isa ya cika ɗakin nan, na sha buɗe su in tarar da jar ƙasa da yanar gizo har da gidan zanzaro ya toshe tsagogin, irin wagga ko ta riƙa ihu ba dalili ko ta kurumce gaba ɗaya alhali TEST na ƙara lahiya lau. Busasshen burushi mai laushi a bi tsagogin bayan hunturu, ba ruwa, ba fenti, ba a fesa mata maganin sauro. Turaren wuta in an kai kasko ƙarƙashinta zai tada ta, wannan aikinta take yi, ki buɗe taga, wasu in kin danna buton suna yin shiru na ƴan mintoci. Kuma a hotonki na hango inuwar reshen bantilater kusa da ita, wurin bai yi ba, iska na kore hayaƙin kahin ya shiga. In mai gyara ya zo ki ce ya matsar da ita kamar mita ɗaya daga bakin reshen, nesa da hancin kilim, kuma kar ta matse bango, a bar rabin mita. In guda ce tak a gidan, koridon da ke gaban ɗakunan kwana ya hi mata cikin ɗaki.

Abu ɗaya da ba ta yi, kar ki dogara da ita a kai: ba ta jin iskar gawayi ko ta gurup, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai kashe mutane cikin barci lokacin sanyi in an shiga da kasko ɗaki an ruhe. Wannan na'urarta daban, a jikinta CO da EN 50291 ake rubutawa, kuma ita ma tana da buton tana yin "tsit", don haka ki karanta takardar da kyau kahin ki cika saƙon, in ita ce sai ki rubuta hakan, wa'adinta ma wasu shekara 5 ko 7 ne. Ki sa hoton gehen da na bayan a nan in kin ɗauka, zan duba miki kahin ki tura ma Alhaji.